Yadda ake saita saurin fiksel a manita don a rage inuwa ba tare da an jawo farar jela ba

Ƙanena ne ya fara kawo ƙara. Na sayo manita na hannu mai inci 27, mai 144 Hz, na jona shi da kwamfutata, komai lafiya lau. Bayan kwana biyu sai ya ɗauko PS4 ɗinsa ya jona don ya buga ƙwallo. Ko hutun rabin lokaci ba a kai ba ya kira ni: "Yaya, zo ka gani, 'yan wasan nan kamar an zana musu farin alli a baya." Na leƙa, kuma haka ne. Duk ɗan wasan da ya sheƙa da gudu a kan koren fili, sai ka ga wani siririn haske yana bin ƙeyarsa. Da ya tsaya, hasken ya ɓace. Manitan bai lalace ba, kebul ɗin ma lafiyarsa ƙalau. Ni ne na shiga menu ranar farko na ɗaga wani saiti zuwa ƙoli, don na ga sunansa yana nufin "mafi sauri".

Wannan saitin, na saurin sauyawar fiksel, shi ne abin da za mu bi daki-daki. Amma sai an fara gane abin da ke faruwa a cikin gilashin, in ba haka ba mutum zai yi ta danne-danne ne a duhu.

Abin da ke jawo inuwar, da abin da ke jawo kishiyarta

Allon LCD ba ya sauya launi nan take. A cikin kowane fiksel akwai wani ruwan sinadari da ƙwayoyinsa ke juyawa idan an ba su wuta, juyawar ce ke buɗe wa haske hanya ko ta tare shi. Juyawar tana ɗaukar lokaci, 'yan milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wanda ake rubutawa ms. Shi kuma hoto ba ya jira. Manita mai 60 Hz yana kawo sabon firem duk bayan 16.7 ms, mai 144 Hz duk bayan 6.9 ms, mai 165 Hz duk bayan 6.1 ms, mai 240 Hz kuwa duk bayan 4.2 ms. Lissafin ba wuya: raba 1000 da adadin Hz. Idan fiksel bai gama juyawa ba har sabon firem ya iso, sai ragowar tsohon hoton ya maƙale a bayan abin da ke tafiya. Ita ce inuwar da 'yan gem ke kira gostin.

Don maganin wannan, kamfanoni suka fito da dabarar ƙarin turi. Ka tuna da mai ruwa a bakin burtsatse, yana so ya cika jarka zuwa wani layi. Idan ya buɗe famfo kaɗan, zai daɗe. Idan ya buɗe shi gaba ɗaya ya kuma rufe a daidai lokaci, ya gama da wuri. In ya makara wajen rufewa, ruwa ya wuce layi, sai ya rage. Haka manita ke yi. A ce hasken fiksel yana da matakai daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Ana so ya tashi daga 50 zuwa 150. Maimakon a ce masa "je ka 150", sai a ce masa "je ka 190" na tsawon firem ɗaya, da lissafin cewa kafin firem ɗin ya ƙare bai wuce wajen 150 ba, sannan a firem na gaba a ba shi 150 ɗin na gaskiya. In lissafin ya yi daidai, inuwa ta ragu. In turin ya yi yawa, fiksel ya zarce zuwa 175 ko 180, sai ya dawo da baya. Wannan zarcewar ita ido ke gani a matsayin farar jela ko kambun haske. Ita ce juyayyiyar inuwa.

Lambobin nan misali ne kawai, kowane allo da nasa jadawalin, amma akwai abu ɗaya da ya kamata ka riƙe daga ciki: ana yin turin ne na tsawon firem guda. Firem ɗin 144 Hz gajere ne, na 60 Hz ya ninka shi fiye da sau biyu. Wato famfon da ake rufewa bayan 6.9 ms, a 60 Hz sai an bar shi a buɗe har 16.7 ms. Abin da ya faru da ƙanena ke nan. PS4 ba ya wuce 60 Hz, saboda haka turin da dama ya yi yawa a kwamfutata sai ya zama ambaliya a wurinsa.

Karanta lambar da ke jikin kwali

Kusan kowane kwalin manitan gem yana ɗauke da "1ms" da manyan baƙi. Duba ƙananan haruffan da ke gefe, don abubuwa biyu ne mabambanta ake lanƙaya wa wannan lamba.

Idan an rubuta GtG, ana nufin lokacin da fiksel ke ɗauka daga wani matakin toka-toka zuwa wani. A al'adar awo, ba a ƙirga tafiyar duka. Ana fara ƙirga ne daga kashi 10 cikin ɗari na tafiyar a tsaya a kashi 90. Farkon tafiyar da ƙarshenta, inda fiksel ke jan ƙafa, ba sa cikin lissafi. Zarcewa ma ba ta ciki: fiksel zai iya ƙetare kashi 90 cikin milisakan ɗaya, ya wuce gona da iri, ya ɓata wani firem guda yana dawowa, amma a takarda an rubuta masa 1 ms. Ga shi kuma lambar kwali galibi ta sauyi mafi sauri ce a matakin turi mafi ƙoli, ba matsakaicin dukkan sauye-sauye ba. Shi ya sa matakin ƙarshe a menu na manitoci da yawa ba don amfani aka sa shi ba, a ganina don kwali aka sa shi.

Idan kuwa an rubuta MPRT, magana ce ta daban: tsawon lokacin da kowane firem ke zama a gaban ido yana haske. A allon LCD ana samun 1 ms na MPRT ne ta hanyar sa fitilar baya tana ƙyaftawa, ta kunna ɗan lokaci ta mutu, sau ɗaya a kowane firem. Wannan ba ya gaya maka komai game da saurin fiksel ɗin kansa. Sau da yawa za ka tarar da allon da aka rubuta wa 1ms MPRT alhali GtG ɗinsa 4 ms ne ko fiye.

Abin da lambar za ta amfane ka da shi kaɗan ne: kwatanta ta da tsawon firem. Allon da yawancin sauye-sauyensa ke ƙarewa cikin firem ɗaya zai yi tsabta. Wanda ke buƙatar firem biyu ko uku zai ja jela. Nau'in allon ma yana ba da haske fiye da lambar. TN da IPS na zamani sauye-sauyensu sun fi yin kusa da juna a sauri. VA yana da baƙi mai kyau, amma tashi daga baƙi zuwa toka mai duhu yana yi masa nauyi sosai, a wasu allunan ya haura 20 ms. OLED kuwa ba ya cikin wannan magana, fiksel ɗinsa na sauyawa ƙasa da milisakan ɗaya, shi ya sa ba kasafai za ka ga wannan saitin a menu ɗinsa ba.

Mataki na 1: nemo saitin

Yana cikin menu na manitan kansa, wanda ake shiga da maɓallan da ke ƙasa ko bayan allo, ba cikin Windows ba. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa. A ASUS za ka ga `Trace Free` mai lambobi daga 0 zuwa 100, ko `OD`, ko `Variable OD`. A BenQ sunansa `AMA`, da `Off`, `High`, `Premium`. LG na kiransa `Response Time`, da `Off`, `Normal`, `Fast`, `Faster`. AOC na rubuta `Overdrive`, da `Off`, `Weak`, `Medium`, `Strong`. Acer na da `Over Drive` mai `Off`, `Normal`, `Extreme`. Dell, Samsung da MSI su ma `Response Time` suke cewa, Philips kuma `SmartResponse`. Sunayen matakan ba su da ma'ana ɗaya daga kamfani zuwa kamfani, har ma daga samfuri zuwa samfuri a kamfani guda. `Fast` na wannan zai iya fin `Extreme` na wancan turi. Don haka kada ka kwafi saitin abokinka sai in manitanku iri ɗaya ne sak.

In ka tarar saitin ya yi toka-toka, ba ya taɓuwa, to wani abu ne ya kulle shi. Yawanci ɗaya daga cikin uku ne: yanayin hoto irin `sRGB` ko na adana wuta, ko an kunna ƙyaftawar fitila, ko kuma manitan yana daga cikin waɗanda ke kulle turi a mataki ɗaya da zarar an kunna `FreeSync` ko `Adaptive-Sync`, wato saitin da ke sa manita ya riƙa bin adadin firem ɗin da gem ke fitarwa.

Mataki na 2: share fage

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, sannan su zo suna cewa gwajin bai nuna komai ba.

Da farko ka bar manitan a kunne minti 20 zuwa 30. Ruwan cikin fiksel yana yin kauri da sanyi, yana sakin jiki da ɗumi. Allon da aka kunna da asuba a tsakiyar hunturu, ko a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, zai ja inuwa fiye da yadda zai yi da rana tsaka a watan Afrilu. In ka yi saiti allon yana da sanyi, za ka zaɓi turi mai yawa, da ya ɗumama sai farar jela ta fito.

Sannan ka tabbatar manitan yana gudu a Hz ɗin da kake zato. A Windows 11 ka bi nan:

```
Settings > System > Display > Advanced display > Choose a refresh rate
```

Ba sau ɗaya ba na ga mai manita 144 Hz da ya yi watanni yana amfani da shi a 60 bai sani ba, don Windows ba koyaushe yake ɗagawa da kansa ba. In babbar lambar ba ta fito a jerin ba, duba kebul da ramin da ka jona. Wasu manitocin ba sa ba da cikakken gudunsu sai ta DisplayPort.

Na ƙarshe, kashe ƙyaftawar fitila in tana kunne. Sunayenta `ULMB`, `ELMB`, `DyAc`, `MBR`, `1ms Motion Blur Reduction` ko `MPRT` kawai. Ita tana da nata irin ninkin hoton, zai rikita maka karatu. Ka kuma mayar da `Sharpness` matsayinsa na asali, don in ya yi yawa shi ma yana zana farin layi a gefen abubuwa.

Mataki na 3: koyi kallon gwajin

Buɗe burauza ka shiga `testufo.com/ghosting`. Gwaji ne na Blur Busters, kyauta. Za ka ga layi uku na ɗan jirgi ja mai ɗauke da koren halitta, suna gudu daga hagu zuwa dama, layin sama a kan bango mai duhu, na tsakiya a kan matsakaici, na ƙasa a kan mai haske. Rufe sauran shafuka, ka jira ya rubuta `READY`, ka duba cewa lambar `Refresh Rate` da ya nuna ta dace da wadda ka zaɓa. Bar saurin a 960 fiksel a daƙiƙa.

Ga inda aikin yake. Kada ka kafa ido wuri ɗaya jiragen suna wuce ka. Zaɓi jirgi ɗaya ka bi shi da ido daga hagu zuwa dama, kamar yadda kake bin ƙwallo a iska. Kana binsa, hankalinka na kan gefensa na hagu, wato bayansa. Abu uku za ka iya gani, kuma dole ka rarrabe su.

Na farko dishi-dishi ne da ya rufe jirgin gaba ɗaya, gaba da baya daidai wa daida. Wannan ba laifin fiksel ba ne, kuma babu matakin turi da zai taɓa shi. Idonka yana tafiya sumul, shi kuwa hoton yana tsaye cik na tsawon kowane firem, sai ya shafu a ido. A saurin 960, jirgin yana tsallake fiksel 16 a kowane firem a 60 Hz, fiksel 8 a 120 Hz, kusan 7 a 144 Hz, 4 a 240 Hz, kuma faɗin dishi-dishin ke nan. Maganinsa ƙarin Hz ne ko ƙyaftawar fitila. Mutane da yawa wannan suke kora da ƙarin turi, su ƙare da dishi-dishin nan daram, ga farar jela a kai.

Na biyu inuwa ce ta ainihi. Tana baya kawai, kuma launinta na jirgin ne da ya kwaɗe: bayan baƙin layi ka ga duhu-duhu, bayan jan jiki ka ga ja-ja. In ka lura da kyau za ka ga ba shafe take ba, kwafi-kwafi ce, ɗaya na bin ɗaya suna dusashewa. Kowane kwafi firem ɗaya ne da fiksel ya makara. Ƙirga su. Kwafi ɗaya mai rauni ba komai ba ne a allon LCD. Kwafi uku a 144 Hz na nufin sauyin yana cin wajen 20 ms.

Na uku juyayyiyar inuwa. Ita ma a baya take, amma launinta kishiyar abin ne. Bayan baƙin layi, maimakon duhu, sai ka ga zanen da ya fi bangon haske. Bayan abu mai haske sai ka ga duhun da ya fi bangon. Wani lokaci launin ma yana karkacewa, ya yi shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda, don ja, kore da shuɗin da ke cikin fiksel ɗaya ba daga mataki ɗaya suka taso ba, ba kuma daidai suke zarcewa ba. Ƙa'idar ganewa mai sauƙi ce: in jelar ta faɗo tsakanin launin abin da launin bango, turi bai isa ba, in ta wuce launin bango ta ɗaya gefen, turi ya yi yawa.

Kada ka ɗauki hoto da waya kana riƙe da ita wuri ɗaya ka ce za ka yi hukunci da shi. Kyamarar da ke tsaye tana haɗa firem biyu ko uku a hoto guda, sai ta nuna maka ninki ko da allon ba shi da laifi. In dole sai ka ɗauka, yi bidiyo kana jan wayar da saurin jirgin, sannan ka zaɓi firem ɗin da layukan da ke tsakanin jiragen suka fito a jere.

Mataki na 4: hau tsani daga ƙasa, a cikakken gudu

Fara daga `Off` ko mafi ƙanƙantar mataki, don idonka ya san yadda inuwar allon take tun asali. Sannan ka je mafi ƙoli kai tsaye, don ka san kamannin farar jelarsa. Da ka ga bakin iyaka biyun, sai ka dawo ƙasa ka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, kana ba kowane mataki kamar daƙiƙa 20, kana duba layuka ukun duka. Layin tsakiya ne ya fi saurin tona zarcewa, don a matsakaicin haske fiksel ke da filin wucewa sama ko ƙasa. Layin sama kuwa shi ke tona jan ƙafar duhu.

Ga yadda ta kasance da nawa. Allon IPS ne, yana da matakai huɗu, zan kira su kashe, ƙasa, tsakiya da ƙoli. A 144 Hz, a kashe, kwafi biyu na bin jirgin a layin sama, ɗaya da ɗan burbushi a na tsakiya. A matakin ƙasa, kwafi na biyun ya kusa ɓacewa. A tsakiya, inuwar ta koma wani ɗan duhu da sai ka nema, amma in na matso da fuska kusa ina ganin siririn haske a bayan ƙafar jirgin a layin tsakiya kaɗai. Daga inda nake zama ba na ganinsa. A ƙoli kuwa ba sai an matso ba, kowane jirgi na jan farin kwafinsa a layi biyu na ƙasa. Don haka a 144 Hz, tsakiya ce ta ci.

Lura da cewa ban nemi matakin da babu komai ba, don a LCD da wuya a same shi. Kana zaɓa ne tsakanin ragowar inuwa da ɗan zarcewa. In matakai biyu sun yi kunnen doki, ni na ƙasan nake ɗauka. Inuwa tana narkewa cikin dishi-dishin da dama yana nan, ita kuwa farar jela launi ne da babu shi a hoton, ido yana cafke ta nan da nan.

Mataki na 5: sake gwadawa a mafi ƙarancin gudun da kake amfani da shi

Nan ne mafi yawan saiti ke rushewa. Koma Windows ka sauke Hz zuwa 120 ko 100, ka sake shiga shafin gwajin, ka maimaita. Sannan ka sauke zuwa 60 ka sake. A nawa, matakin tsakiya da ya yi kyau a 144 ya fara nuna haske a fili a 100 Hz, a 60 Hz kuwa ya zama farin kwafi sosai, nesa da jirgin da fiksel 16, har ya fi kama da jirgi na biyu. Matakin ƙasa ne ya yi tsabta a 60, ba zarcewa, inuwa kuma kusan babu, tunda fiksel na da 16.7 ms na gama tafiyarsa.

Me ya sa mai kwamfuta zai damu da 60 Hz alhali ya saita 144? Saboda `FreeSync` da `G-Sync`. In ɗayansu na kunne, manitan yana bin adadin firem ɗin da katin hoto ke fitarwa. Gem ya sauka zuwa firem 70 a daƙiƙa, manitan ya koma 70 Hz a wannan lokacin, turin kuma yana nan yadda aka auna shi don 144. Shi ya sa za ka ga gem ɗaya yana da tsabta a fili, da an shiga gari mai cunkoso sai gefen gine-gine ya fara walƙiya. Manitocin da ke da ainihin na'urar G-Sync a cikinsu suna rage turi da kansu idan gudu ya sauka, wasu kaɗan daga cikin na FreeSync ma suna ƙoƙarin hakan, amma yawancin masu sauƙin kuɗi ba sa yi. Shafin gwajin ba ya bin wannan hawa da sauka, shi ya sa muke sauke Hz da hannu don mu kwaikwayi abin.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: wani lokaci firem 40 ya fi firem 55 tsabta. Dalili shi ne yawancin allunan nan ba sa iya sauka ƙasa da wajen 48 Hz. Idan gem ya faɗi ƙasa da haka, sai a riƙa nuna kowane firem sau biyu, firem 40 ya zama 80 Hz a allo. Saboda haka wurin da zarcewa ta fi muni yana tsakanin 48 da 70 ne.

Yanzu sai hukunci, kuma ya danganta da abin da kake yi. In gem ɗinka mara nauyi ne, yana zama a sama da firem 120 koyaushe, ɗauki matakin da ya ci a cikakken gudu. In yana yawo tsakanin 60 da 100, ɗauki wanda ya ci a 60, ka haƙura da ɗan inuwa idan ya hau sama. In na'urar gem ce ta 60 Hz, ba ma sai ka yi tunani ba, sakamakon 60 shi ne naka. PS5 da Xbox Series X suna iya ba da 120 Hz, amma a gem ɗin da ya yarda kaɗai, yawanci 60 ɗin suke zama.

Mataki na 6: tabbatar a cikin aikin gaske

Jirgin gwaji launuka kaɗan yake gwadawa. Shiga gem ɗin da ka fi bugawa, ka kashe `Motion Blur` na cikinsa, ka nemi abu mai kaifin gefe a gaban bango matsakaici: turken wuta a gaban sararin sama, ko ƙofa mai duhu a jikin bango mai ruwan ƙasa. Ka riƙa tafiya gefe-gefe kana bin abin da ido. In gefensa na baya ya yi haske, sauka mataki ɗaya. A wajen gem kuma, buɗe shafi mai baƙin rubutu a kan bango mai toka-toka ka riƙa gungurawa sama da ƙasa. In haruffa na jan farin kwafi, turi ya yi yawa. Kada ka yi wannan gwajin a kan fari fat, ba zai nuna ba, don fiksel ba zai iya wuce 255 ba.

Wannan iyakar tana da wani sakamako. Tunda babu abin da ya fi 255 ko ya gaza 0, sauyin da ke ƙarewa a fari fat ko baƙi ƙirin kusan ba shi da inda za a ƙara masa turi. Haka nan jan duhun allon VA: farin rubutu a kan baƙin bango yana dusashewa idan kana gungurawa, ko kogo a gem ya zama kamar an shafa masa tawada. In ka ce sai ka kore shi da turi, kafin duhun ya gyaru matsakaitan launuka sun riga sun zarce, ka tashi da cuta biyu a allo ɗaya. Abin da ke ɗan taimakawa shi ne ɗaga baƙin kaɗan da saitin `Black Stabilizer`, `Black eQualizer` ko `Shadow Boost`, gwargwadon sunan da naka ke ɗauke da shi, don fiksel ya daina tasowa daga can ƙasa inda ya fi nauyi. Za ka biya da ɗan zurfin baƙi. Mataki ɗaya ko biyu ya isa.

Idan babu matakin da ya canza komai

To ba fiksel ba ne. In inuwar tana nan ko da hoto na tsaye, kuma da kebul ɗin VGA ka jona, irin mai shuɗin kai da ya cika ofisoshi da shagunan buga takardu, laifin kebul ne ko haɗinsa; canza shi ko ka koma HDMI. Kebul ɗin HDMI ko DisplayPort da ya lalace ba ya jawo inuwa, ɗigo-ɗigo yake kawowa ko allo ya riƙa ɗaukewa. In jelar a gem ɗaya kawai take fitowa, musamman bayan gashi, ganye ko wayoyin wuta, duba `TAA`, wato saitin goge kaushin gefen abubuwa, ko saitin ɗaga girman hoto na cikin gem ɗin, don suna haɗa tsohon firem da sabo ne. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki hoton allo da maɓallin `Print Screen` ana cikin motsi. In jelar ta fito a hoton, daga gem take, don abin da fiksel ke yi a gilashi ba ya taɓa shiga hoton allo.

Shi kuwa manitan gidanmu, na gano yana riƙe saiti daban ga kowane yanayin hoto, ko da yake ba kowane manita ke yin haka ba. Sai na ware yanayi biyu: ɗaya da turi a tsakiya don kwamfuta, ɗaya da turi a ƙasa don PS4. Na rubuta su a guntun takarda na manna a ƙafar manitan. Da ƙanena ya dawo daga makaranta ya kunna ƙwallonsa, ya yi ta juya ɗan wasa hagu da dama a tsakiyar fili yana ƙura ido, can ya ce, "Yaya, allin ya goge," ya ci gaba da wasansa.